Yadda ake lissafin ƙimar yau ta ajiyar wata-wata: zubin ƙarshen wata da zubin farkon wata

Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar gama kai ta ma'aikata a wurin aikinmu, kuma akwai tambayar da ba ta daina dawowa teburina. Na tuna wata malama da ta zo bayan an raba musu gadon mahaifinsu. Abokan aikinta sun shiga tsarin ajiyar ₦50,000 duk wata na tsawon shekara 2, ita kuma ba ta son a riƙa taɓa albashinta. Ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta ce, “Malam Ma'aji, nawa zan zuba yau a dunƙule, sau ɗaya, in an kai ƙarshen shekara biyun in tashi da daidai abin da su za su tashi da shi?”

Amsar wannan tambaya ita ake kira ƙimar yau. Kuɗin da za a zuba nan gaba a rarrabe, nawa ne darajarsu idan aka dawo da su gaba ɗaya zuwa ranar yau? Ba ₦1,200,000 ba ne, ko da yake 50,000 sau 24 shi ne hakan, domin kuɗinta za su fara aiki tun daga ranar farko, na abokan nata kuwa sai a hankali suke shigowa. Sannan amsar ta kasu biyu, gwargwadon ranar da ake zubin farko. Idan sai an cika wata ɗaya ake zubawa, zubin ƙarshen wata ke nan, wanda littattafan akanta ke kira odinari anuwiti. Idan kuwa yau ɗin nan ake zubin farko, zubin farkon wata ke nan, wato anuwiti diyu. Da lissafin malamar zan bi da kai har ƙarshe.

Kayan aiki

Takarda da biro su ne na farko, ko da kana da kwamfuta. Sai kalkuleta. Ta kimiyya ta fi, irin mai maɓallin xʸ ko ^, kuma yawancin wayoyi suna da ita idan ka juya wayar a kwance ko ka buɗe ƙarin maɓallan. Idan ta kanti kawai gare ka, mai tarawa da ninkawa, za ta yi, zan nuna dabarar a mataki na 4. Excel ko Google Sheets na tabbatarwa ne, ba dole ba.

Sai bayanai huɗu, waɗanda za ka samo daga takardar yarjejeniya ko daga bakin mai riƙe da asusun: adadin zubi na kowane wata, yawan watannin, ribar da kuɗin ke samu a shekara, da ranar zubin farko. A lissafinmu zubi ₦50,000 ne, wata 24, riba kashi 12 cikin 100 a shekara ana lissafa ta wata-wata. Na zaɓi 12 ne don hannunka ya saba da lamba mai sauƙi. Kai ka sa taka ta gaskiya.

Na san da yawa daga cikinmu ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Lissafin bai damu da inda ƙarin ya fito ba. Mai ajiya a asusun mudaraba na bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz ko TAJ, zai iya sa ribar da ake hasashe, amma ya riƙe a ransa cewa hasashe ce, tana iya hawa ko sauka, don haka amsar da zai samu ita ma ƙiyasi ce.

Mataki na 1: Zana layin lokaci

Kada ka taɓa kalkuleta tukuna. Ja dogon layi a kwance a takarda. A farkonsa rubuta 0, wato yau, ranar da ake son sanin ƙimar. Bi da 1, 2, 3, ka bar ɗigo-ɗigo, ka ƙare da 23 da 24. Kowace lamba cikar wata ɗaya ce. Yanzu ka sa alama a duk inda kuɗi ke shiga.

A zubin ƙarshen wata, babu komai a kan 0. Alamomin suna farawa daga 1 su tsaya a 24. A zubin farkon wata, alamar farko tana kan 0, ta ƙarshe tana kan 23, kuma babu komai a kan 24. Ƙirga su, duka biyun 24 ne.

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, don sunan yana yaudara. Ba ranar kalanda ake dubawa ba. Wanda albashinsa ke shiga ranar 25 ga wata, ya zo yau 25 ya buɗe asusu ya zuba na farko nan take, zubin farkon wata yake yi a lissafi, ko da yake a kalanda wata ya kusa ƙarewa. Wanda ya cika fom ranar 1 ga wata aka ce za a fara cira ranar 1 ga watan gobe, shi kuma zubin ƙarshen wata yake yi. Tambayar da nake yi wa kowa ɗaya ce: daga ranar da muke lissafin nan zuwa ranar da kuɗin farko zai shiga, akwai tazarar wata ɗaya ko babu?

Mataki na 2: Mai da ribar shekara ta wata

Zubi wata-wata ne, don haka riba ma dole ta zama ta wata. Raba 12 da 12, ka samu kashi 1 cikin 100 a wata. A kalkuleta za ka rubuta shi 0.01. Wannan ita ce i a cikin ƙa'idar da za mu yi aiki da ita, yawan watanni kuma shi ne n, wato 24.

Kuskuren da na fi gani wurin masu koyo shi ne su bar ribar a 0.12 alhali sun sa watanni 24. Yin haka kamar ka ce kuɗin na samun kashi 12 duk wata ne. Amsar za ta fito kusan ₦389,216, kuma da ganinta ka san akwai matsala: jimillar zubin miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ce, shekara biyu kacal ba za ta zaftare kashi biyu bisa uku nata ba.

Akwai wani wuri mai santsi kuma. Wani lokaci kashi 12 da aka faɗa maka shi ne abin da kuɗin zai ƙaru da shi dungurungum a cikar shekara, bayan an haɗa ribar da riba ta haifa. Idan haka ne, rabawa da 12 ba daidai ba ne, domin kashi 1 a wata idan ya taru sau 12 yana kai kashi 12.68. Sai ka nemo ribar wata ta wannan hanya:

```
i = 1.12^(1/12) - 1 = 0.009489
```

Tambayi mai asusun wanne yake nufi. Mu dai a nan mun tsaya a kan 0.01.

Mataki na 3: Gwada da wata uku kacal

Wannan matakin ba ya cikin amsar malamar, amma ban taɓa koya wa wani lissafin nan na tsallake shi ba. Wanda ya yi shi da hannunsa sau ɗaya ba ya sake haddace ƙa'ida a makance.

Tunanin shi ne: idan kuɗi na ƙaruwa da kashi 1 a wata, to ₦50,000 da za ta zo bayan wata ɗaya daidai take da wani adadi ƙasa da haka a yau, adadin da in an ajiye shi zai girma ya cika 50,000. Ana samunsa ta raba 50,000 da 1.01. Wadda za ta zo bayan wata biyu a raba ta da 1.01 sau biyu, haka dai har ƙarshe.

A zubin ƙarshen wata na wata uku, zubin farko ya zama ₦49,504.95, na biyu ₦49,014.80, na uku ₦48,529.51. Jimilla ₦147,049.26.

A zubin farkon wata, na farko yau ake zuba shi, don haka ba a rage masa ko kwabo, yana nan ₦50,000. Na biyu ya zama ₦49,504.95, na uku ₦49,014.80. Jimilla ₦148,519.75.

Dubi jerin biyun da kyau. Lambobi biyu iri ɗaya ne a cikinsu, 49,504.95 da 49,014.80. Abin da ya bambanta su shi ne ɗaya yana da cikakkiyar 50,000 a gaba, ɗayan yana da 48,529.51 a baya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. Sannan ka ninka 147,049.26 da 1.01 ka ga abin da zai fito. Zai ba ka 148,519.75.

Mataki na 4: Lissafa zubin ƙarshen wata

Raba lamba 24 ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa ake da ƙa'idar da ta dunƙule su:

```
PV = PMT × [1 - (1 + i)^-n] / i
```

PV ita ce ƙimar yau, PMT kuma adadin zubin kowane wata. Kada ka zuba ta duka a kalkuleta lokaci guda. Bi ta gaɓa-gaɓa, kana rubuta kowace amsa.

Da farko nemo 1.01 a ninke da kanta sau 24. A kalkuletar kimiyya ka danna 1.01, sai xʸ, sai 24. Za ka samu 1.269734649. Ma'anarta naira ɗaya ta yau za ta zama naira ɗaya da kusan kwabo 27 bayan shekara biyu.

Idan kalkuletarka ta kanti ce, ga hanya. Ninka 1.01 × 1.01 × 1.01, ka samu 1.030301, na wata 3 ke nan. Ninka wannan da kansa, 1.061520, na wata 6. Sake ninka shi da kansa, 1.126825, na wata 12. Sau ɗaya kuma, 1.269735, na wata 24. Ninki biyar ya kai ka inda ninki ashirin da uku zai kai ka. Idan watanninka 36 ne, sai ka ninka na 24 da na 12.

Na biyu, raba 1 da wannan lamba: 1 ÷ 1.269734649 = 0.787566127. Alamar ragi da ke gaban n a ƙa'idar abin da take nufi ke nan.

Na uku, cire ta daga 1: ya rage 0.212433873.

Na huɗu, raba da 0.01: ka samu 21.2433873. Tsaya ka kalli wannan lambar, domin tana magana. Tana cewa zubi 24 na ƙarshen wata darajarsu a yau daidai take da zubi 21 da ɗan kwata. Dole ta kasance ƙasa da 24. Idan ta kai 24 ko ta wuce, ka yi kuskure a baya.

Na biyar, ninka da 50,000. Amsa: ₦1,062,169.36.

Gargaɗi a kan yanke lambobi. Na sha ganin mai koyo ya kalli 0.787566 ya ce bari ya taƙaita ta zuwa 0.79 don sauƙi. Da wannan ɗan yankan amsarsa za ta koma ₦1,050,000 cif, ya ɓatar da sama da ₦12,000. Dalili shi ne rabawa da 0.01 tana ninka kowane ɗan kuskure sau ɗari, sannan 50,000 ta sake ninka shi. Wannan ɓatan ya ma fi dukan bambancin da muke ƙoƙarin aunawa tsakanin zubin biyu. Ka riƙe aƙalla lamba shida bayan ɗigo har sai ka kai matakin ƙarshe.

Mataki na 5: Lissafa zubin farkon wata

Ba sai ka sake komai daga tushe ba. Kowane zubi a nan ya riga takwaransa shiga da wata ɗaya, don haka kowanne an rage masa rabawa da 1.01 sau ɗaya. Ninka amsar mataki na 4 da 1.01:

```
1,062,169.363 × 1.01 = 1,072,791.06
```

Ƙimar yau ta zubin farkon wata ita ce ₦1,072,791.06. Ta fi ta ƙarshen wata da ₦10,621.69, idan ba a yanke lambobin bayan ɗigo ba.

Kula, da 1.01 za ka ninka, ribar wata ɗaya. Wasu kan ninka da 1.12, su ƙara ribar shekara guda a kan tazarar da ba ta wuce wata ɗaya ba.

Akwai hanya ta biyu, ita nake amfani da ita don duba ta farko. Ware zubin yau gefe, tunda shi 50,000 ne cif. Sauran 23 da suka rage, daga lamba 1 zuwa 23 a layinka, zubin ƙarshen wata ne na wata 23. Bi mataki na 4 da n = 23, za ka samu 20.4558211, wanda in ka ninka da 50,000 ya ba ka ₦1,022,791.06. Mayar da 50,000 ɗin da ka ware, ka dawo kan ₦1,072,791.06. Idan hanyoyin biyu ba su haɗu ba, yawanci an manta an bar n a 24 ne a hanya ta biyu, wato an ƙirga zubi 25.

Mataki na 6: Gane daga ina ₦10,621.69 ta fito

Wannan shi ne wurin da nake so ka daɗe a kai, domin wanda ya gane shi ba zai sake rikita zubin biyu ba.

Koma kan layin da ka zana. Ɗora jerin biyu ɗaya a kan ɗaya. Daga wata na 1 zuwa na 23, duka biyun suna zuba ₦50,000 a rana ɗaya. Babu bambanci ko kaɗan a waɗannan 23. Abin da ya rage zubi ɗaya ne tak: mai farkon wata ya zuba nasa yau, mai ƙarshen wata zai zuba nasa sai a wata na 24. To nawa ce darajar ₦50,000 ta wata na 24 a yau? Ninka ta da 0.787566127 da muka samu ɗazu, ta zama ₦39,378.31. Cire ta daga 50,000:

```
50,000 - 39,378.31 = 10,621.69
```

Ga ta nan, kwabo bai ɓace ba. Za ka iya kallon bambancin ta fuska biyu, kuma duka gaskiya ne. Ko ka ce kowane zubi cikin 24 ya matso da wata ɗaya, ko ka ce zubi ɗaya ne aka ɗauko daga can ƙarshe aka kawo shi yau. Lokacin da na zana wa malamar wannan a bayan fom, ta sa yatsa a kan 0 da kan 24 ta ce, “Ashe duk rigimar a kan waɗannan biyun ce.” Haka ne kuwa.

Daga nan za ka ga iyakar bambancin ma. Komai tsawon shekarun, ba zai taɓa kai zubi ɗaya cikakke ba, wato ₦50,000 a lissafinmu. Idan ka samu tazarar da ta wuce haka tsakanin amsoshinka biyu, akwai kuskure. Kuma yana girma ne idan riba ta hau. Da ribar kashi 24 ce a shekara, wato 0.02 a wata, ƙimar zubin ƙarshen wata za ta sauka zuwa ₦945,696.28, ta farkon wata ₦964,610.21, tazarar ta zama ₦18,913.93.

Wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: wanne ya fi? Ya danganta da gefen da kake. Ga mai zubawa daga albashi, ƙima mafi girma tana nufin nauyin da ya ɗauka ya fi, amma abin da zai kwasa a ƙarshe ma ya fi. Ga malamar da ke son biya a dunƙule, tana nufin kuɗin da za ta ƙirgo yau sun fi yawa.

Mataki na 7: Tabbatar ta hanyar tura kuɗin gaba

Alƙawarin da muka yi wa malamar shi ne ta tashi da daidai abin da abokanta za su samu. Mu gwada. Abin da mai zubin ƙarshen wata zai tara a wata na 24 ana samunsa haka:

```
FV = PMT × [(1 + i)^n - 1] / i
```

FV ita ce abin da ya taru a ƙarshe. Cire 1 daga 1.269734649, raba da 0.01, ka samu 26.9734649. Ninka da 50,000: ₦1,348,673.24. Yanzu ɗauki dunƙulen ₦1,062,169.36 ka ninka da 1.269734649, wato ka bar shi ya yi wata 24 a asusu. Zai ba ka ₦1,348,673.24. Sun haɗu.

Na farkon wata kuma, abin da zai taru a cikar wata na 24 shi ne 1,348,673.243 × 1.01, wato ₦1,362,159.98, kuma dunƙulen ₦1,072,791.06 idan ya yi wata 24 nan zai kai.

A tsarin su malamar, ana cire zubin farko ne a ranar da aka buɗe rajista. Don haka ₦1,072,791.06 ce amsarta. Da na yi sakaci na ba ta lambar ƙarshen wata, da ranar rabo ta ga nata ya gaza na abokan zamanta da kusan ₦13,487, kuma da ba ni da bakin yi mata bayani.

Mataki na 8: Duba da na'ura

A Excel ko Google Sheets, rubuta waɗannan a gida biyu daban:

```
=PV(0.01,24,-50000,0,0)
=PV(0.01,24,-50000,0,1)
```

Lambar ƙarshe ita ce mabuɗin: 0 na ƙarshen wata, 1 na farkon wata. Idan ka bar gurbin ba ka sa komai ba, manhajar za ta ɗauka 0 kake nufi ba tare da ta tambaye ka ba. Alamar ragi a gaban 50000 tana nuna kuɗin fita suke daga hannunka. In ka manta da ita, lambar za ta fito daidai amma da ragi a gabanta. Kada kuma ka sa waƙafi a cikin 50000, don manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rabuwar gurbi.

'Yan'uwa na Nijar da sauran masu Excel na Faransanci, sunan aikin a wurinku VA ne, kuma rubutun yakan zama haka:

```
=VA(0,01;24;-50000;0;1)
```

Mai kalkuletar kuɗi irin BA II Plus zai sa N = 24, PMT = -50000, FV = 0, sannan I/Y = 1 idan P/Y tana kan 1, ya danna CPT da PV. Don komawa farkon wata ana danna 2ND da BGN, sai 2ND da SET, har BGN ta bayyana a saman allo. Hatsarinta shi ne ba ta komawa da kanta ko an kashe ta. Ɗalibai da yawa sun yi tambaya ɗaya ta farkon wata, suka bar BGN a kunne, duk sauran amsoshinsu suka haura da kashi ɗaya. Kalli saman allon kafin kowane lissafi.

Idan lamarinka bai zauna daidai cikin biyun ba

Wani lokaci zubin farko ba yau ba ne, ba kuma bayan wata ɗaya cif ba. Ƙa'idar mataki na 4 kullum tana ba ka ƙima ne a ranar da ta riga zubin farko da wata ɗaya. Daga nan sai ka matsar da ita. Idan sai bayan wata biyu za a fara, raba ₦1,062,169.36 da 1.01 sau ɗaya, ta zama ₦1,051,652.83. Idan bayan rabin wata ne, ninka ta da 1.01^0.5, wato 1.004988, ka samu kusan ₦1,067,467, tsakanin amsoshinmu biyu.

Idan asusun ba ya ba da riba sam, kamar asusun gida ko ajiyar amana, kada ka sa sifili a ƙa'idar, don ba a raba lamba da sifili. Amsar kai tsaye ce: 50,000 sau 24, ₦1,200,000, kuma zubin biyu ba su da bambanci. Sai dai idan kana da wata hanyar da kuɗin za su iya kawo maka riba, kamar jari a sana'arka, kana iya sa wannan ribar a matsayin i don ka ga abin da jinkirin ke ci maka.

Idan adadin zubi yana canzawa, ko an tsallake wani wata, ƙa'idar ta daina aiki, domin an gina ta ne a kan zubi iri ɗaya a tazara iri ɗaya. Sai ka koma hanyar mataki na 3, ka raba kowane zubi da 1.01 gwargwadon watanninsa, ka tara. Idan wata ɗaya ne kawai aka tsallake, ya fi sauƙi ka lissafa duka 24 sannan ka cire ƙimar yau ta wanda ba a zuba ba. Misali, zubin da ya kamata ya shiga a lamba 12 a layinka darajarsa 50,000 ÷ 1.126825 ce, kusan ₦44,372, ita za ka cire.

Abu na ƙarshe da za ka tambaya kafin ka miƙa wa kowa amsa shi ne yadda asusun ke ƙirga riba. Wasu suna bin kwanakin da kuɗi ya yi a ciki, wasu suna duba mafi ƙarancin abin da ya zauna a asusun cikin watan. A irin na biyun, kuɗin da ya shiga ranar 3 ga wata yana iya rasa ribar watan gaba ɗaya, sai ya zama kana zubi kusa da farkon wata amma ana yi maka lissafin ƙarshen wata. Idan haka tsarin yake, ko dai ka matso da ranar zubinka ta riga ranar da suke fara ƙirga, ko ka yi aiki da amsar mataki na 4.